Koyon Gyaran Gashi a Salun: Daga Kuɗin Koyo Zuwa Ranar Fara Biya

Koyon gyaran gashi a shagon mata, wanda aka fi sani da salun, yarjejeniya ce tsakanin ɓangare uku: mai shago, 'yar koyo, da iyaye ko mijin da ya kawo ta. A garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Jos, galibi da baki ake ƙulla ta. Uwa ta kai 'yarta wajen wata mai shago da ta yarda da ita, ta ce ga amana nan, a faɗi kuɗi, a yi addu'a, yarinya ta fara zuwa washegari. Abubuwa huɗu ne ake bari a dunƙule a irin wannan zama, kuma su ne suke haddasa saɓani daga baya: me kuɗin koyo ya ƙunsa, wane aiki ne ya hau kan 'yar koyo, da me za a gane ta ci gaba, kuma yaushe za ta fara samun wani abu daga aikin hannunta.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi magana a kan koyon sana'a daga sashe na 49 zuwa na 53. Ta ce yaron da ya wuce shekara 12 bai kai 16 ba, iyayensa ko waliyyinsa ne za su ƙulla masa yarjejeniya da amincewarsa, wanda ya kai 16 kuwa yana iya ƙullawa da kansa, kuma wa'adin kada ya wuce shekara biyar. Ta shardanta a rubuta yarjejeniyar, jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita, a kuma bayyana a ciki yadda za a riƙa biyan ɗan koyo da yadda biyan zai riƙa ƙaruwa. Ƙananan shagunan unguwa ba kasafai suke bin wannan hanya har ofis ba. Duk da haka abin da dokar ta nema shi ne abin da hankali yake nema, kuma takarda guda ɗaya mai sa hannun ɓangarorin uku da shaidu biyu ta isa ta kashe yawancin rigingimu tun ba su taso ba.

Kuɗin koyo da abin da ya saya

Kafin a karɓi ko kwabo, ya fi dacewa a yi gwaji na mako biyu zuwa huɗu. Gyaran gashi aiki ne na tsayuwa da sunkuyo, yatsu suna cikin ruwa da sabulu yini guda, kuma ba kowace yarinya ce take jure wa taɓa kan baƙuwa ba. Akwai wadda fatar hannunta ba ta shiri da shamfu, ta riƙa tsagewa tana ƙaiƙayi tun makon farko. Akwai kuma wadda iyaye ne suke son sana'ar, ita zuciyarta tana ga ɗinki. Lokacin gwaji yana fito da duk wannan, ita ma mai shago ta ga tarbiyyar yarinyar da riƙon lokacinta, a rabu lafiya in ba a dace ba.

Kuɗin koyo ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, ya danganta da girman shago da sunan mai shi da yawan fannonin da za a koyar. Yawansa bai kai sanin abin da ya ƙunsa muhimmanci ba. Kuɗin yana biyan abu uku ne: lokacin da mai shago za ta cire daga aikin da zai kawo mata kuɗi ta tsaya tana nunawa, kayan da 'yar koyo za ta ɓarnatar kafin hannunta ya faɗa, da lalacewar kayan aiki irin su diraya da mataji da tawul. Saboda haka duk wadda ta karɓi kuɗin koyo ta ɗauki bashin koyarwa a wuyanta. In shekara ta zagayo yarinya ba ta iya komai ba sai shara da ɗibar ruwa, to an ci kuɗi ba a ba da abin da aka saya ba.

A rubuta duk wani kuɗi da za a nema tun a zaman farko. Shaguna da yawa suna da kuɗin fom, wasu suna neman a kawo katan ɗin lemo da biskit ranar farawa, wasu suna sa a ɗinka rigar aiki, sannan akwai hidimar bikin yaye a ƙarshe. Babu laifi a ko ɗaya daga ciki muddin an faɗe shi da wuri. Abin da yake ɓata zumunci shi ne a wayi gari bayan shekara ɗaya da rabi a miƙa wa iyaye dogon jerin kayan yaye da ya fi kuɗin koyon kansa tsada, a riƙe takardar shaida har sai an kawo. Haka nan a fayyace kayan da 'yar koyo za ta saya wa kanta, wato kibiya, mataji manya da ƙanana, almakashi, safar hannu da kan roba na gwaji, kuma a yarda cewa nata ne, za ta tafi da su.

Biyan kuɗin kashi-kashi ya fi biya gaba ɗaya aminci ga kowa. A ɗauki misalin koyo na wata 18 a kan naira 90,000. Ana iya biyan 30,000 bayan gwaji, 30,000 a ƙarshen wata na shida, sauran a ƙarshen wata na goma sha biyu, kuma kowane biya ya zo bayan an zauna an duba abin da yarinyar ta iya. Wannan tsari yana sa mai shago ta riƙa lura da alƙawarin koyarwa, yana kuma sauƙaƙa lissafi idan koyo ya katse. Katsewa kuwa abu ne da ake yawan gani a wannan sana'a, domin 'yan koyo da yawa 'yan mata ne da aure kan iya tasowa a tsakiyar wa'adi, ko miji ya sauya gari, ko a samu gurbin karatu. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kuɗin zangon da aka riga aka shiga ya tafi, na zangon da ba a shiga ba kuwa ba a bin kowa. In mai shago ce ta rufe shago ko ta sallami yarinya ba da wani laifi ba, ta mayar da kuɗin zangon da ba ta cika ba.

Aikin shago da aikin gida

Shara, wanke tawul, goge madubi, tsaftace mataji da ɗibar ruwa duk suna cikin sana'a, kuma babu mai shagon kirki da ba ta bi ta kansu ba. Tsaftar kaya ma darasi ce mai zaman kanta. Mataji ɗaya yana iya ɗaukar ƙwarƙwata ko makero daga wannan kai zuwa wancan, reza ko allurar ɗinkin gashi da ta taɓa jini kuma tana iya ɗaukar cutar hanta. Dole 'yar koyo ta san cewa ana cire gashin da ya maƙale a mataji, a wanke shi da sabulu, sannan a jiƙa shi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kuma reza sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Wadda ta raina wannan aiki ba za ta riƙe shago ba ko da ta fi kowa iya kitso.

Inda ake ƙetare iyaka shi ne a mayar da 'yar koyo 'yar aikin gida: wankin kayan 'ya'yan uwar ɗaki, girki a gidanta, raino, kai yara makaranta, zuwa cefane. Al'adar girmama uwar ɗaki ta sa yarinya ba ta iya cewa a'a, iyaye kuma suna jin nauyin yin magana. Taimako na lokaci-lokaci irin na zaman tare ba abin ƙi ba ne, amma idan ya zama aikin kullum ya cinye lokacin da aka biya kuɗi dominsa. Takardar yarjejeniya ta faɗi ƙarara cewa aikin 'yar koyo a shago yake, da kuma wuraren da shago ya tura ta aiki, kamar gidan amarya.

A kuma rubuta lokacin zuwa da na tashi, da ranar hutu guda a mako, da lokacin salla da cin abinci, da na Islamiyya ga wadda take zuwa. Dokar ƙwadago ta hana a sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki fiye da awa huɗu a jere, ko fiye da awa takwas a yini. Wannan yana da muhimmanci musamman a kwanakin jajiberin Sallah, lokacin da shaguna kan kai tsakar dare suna kitso. Yarinyar da za ta kai dare, a san da izinin gida, a kuma san wanda zai mayar da ita.

Abu na ƙarshe a wannan fanni shi ne a ware lokacin koyarwa na musamman. Kallo kaɗai ba ya koya wa hannu komai. Yawancin shaguna ba su da cunkoso da safiyar Litinin zuwa Laraba, kuma awa ɗaya ko biyu a waɗannan ranaku, mai shago tana zaune kusa tana gyara riƙon kibiya, ta fi wata guda na tsayuwa a bayan kujera amfani.

Matakan koyo da yadda ake gane an haye su

Kirga watanni kaɗai ba ya nuna ƙwarewa. Wata ta zo da kitsonta tun daga gida, domin ta saba yi wa ƙannenta, wata kuwa ba ta taɓa riƙe kibiya ba. Don haka kowane mataki ya kamata ya kasance da wa'adin da ake sa rai, da kuma gwajin da ido yake iya gani.

Watanni ukun farko na tsafta ne da tsifa da wanki da taza. Ana ganin kamar ƙaramin aiki ne, alhali a nan ake koyon sanin gashi. Mai tsifa tana farawa daga jelar kitso ta hau sama, tana warware dattin da ya dunƙule a gindin gashi da yatsa kafin ruwa ya taɓa shi, domin in aka jiƙa kai ba a warware shi ba sai ya cukurkuɗe, ƙarshe a kai ga almakashi. Mai wanki tana gwada zafin ruwa a bayan hannunta, tana cuɗa fatar kai da tsokar yatsu, ba ta sa farce, tana kare ido da kunne. Taza kuma daga ƙarshen gashi ake fara ta a gangaro zuwa gindi, kashi-kashi. A wannan zango ne kuma take koyon duba kai kafin a fara aiki: ta bambance amosani da makero, ta gane ƙuraje da rauni, ta san kan da za a ce wa mai shi ta fara zuwa asibiti. An haye wannan mataki idan za ta karɓi kwastoma, ta tsefe, ta wanke, ta taje, ta busar, ba tare da an ji kuka ko an ga tulin gashi a mataji ba.

Daga wata na huɗu zuwa na tara lokacin kitso ne, kuma shi ya fi kowane zango tsawo saboda hannu ba ya gaggawa. Tsaga ake fara koya kafin kamu. Kitson da tsagarsa ta karkace ba ya gyaruwa komai kyan kamunsa, shi ya sa mai koyarwa ta ƙwarai takan sa yarinya ta yi kwanaki tana tsaga kawai a kan roba, tana rushewa tana sakewa. Daga nan sai zane mai komawa baya, sai shuku, sai kalaba, sai ƙananan kitso masu ɗaukar lokaci, sannan a shiga kitson da ake haɗawa da zare ko ulu ko ƙarin gashi a shagon da yake yin su. Daga kan roba ana komawa kan 'yan uwa da abokan koyo, sannan yaran unguwa da ake yi wa kyauta ko a kan rabin kuɗi, da sanin iyayensu cewa 'yar koyo ce za ta yi.

Babban kuskuren sabon hannu shi ne ɗaurewa. Yarinya tana tsoron kada kitso ya saki, sai ta ja gashi har fatar goshi ta ɗaga. Alamunsa a bayyane suke: ƙananan ƙuraje a layin gaban goshi da ƙeya bayan kwana ɗaya ko biyu, ciwon kai, kwastoma ta kasa kwanciya a kan kitson ko ta kasa ɗaga gira. In aka daɗe ana haka gashin gaban goshi yana zubewa, wani lokaci kuma ba ya sake tsirowa domin saiwarsa ta mutu. Mata da yawa suna ɗaukar zafin kitso alamar zai daɗe, har su ce a ƙara kamawa, don haka sai an koya wa 'yar koyo yadda za ta yi bayani cikin ladabi, ta kuma bar ƙananan gashin gaba ba ta tilasta su shiga kamu ba. Gwajin wannan mataki abu uku ne a haɗe: tsaga miƙaƙƙiya, kamu mai kauri ɗaya daga gindi har jela, da gama kai cikin lokacin da bai wuce na ƙwararriya da fiye da rabi ba. In mai shago tana gama zane a awa ɗaya, 'yar koyo ta gama a awa ɗaya da rabi. A maimaita wannan a kan kai kamar goma mabambanta, mai tsawo da gajere, mai laushi da mai tauri, kafin a ce ta haye.

Sitimin da naɗin rola da aiki da diraya suna iya tafiya tare da kitso daga wajen wata na bakwai. Abin kula a nan zafi ne, da sanin cewa ba a barin kwastoma ƙarƙashin diraya a tafi hira.

Man miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, kuma a nan ne gaggawa take jawo asarar da ba ta gyaruwa. Nau'insa mai ƙarfi yana ɗauke da soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita, kuma yana aiki ne ta hanyar karya ƙarfin silin gashi har ya miƙe. Abin da yake iya yi wa gashi haka yana iya ƙona fata. Kafin 'yar koyo ta taɓa shi a kan mutum, sai ta iya faɗin ƙa'idojinsa da ka. Ba a sa shi a kan da aka tsefe ko aka sosa a ranar, ko kan da yake da rauni. Ana shafa basilin a layin goshi da kunnuwa da ƙeya. Ana sa safar hannu. A kan da aka taɓa yi wa, sabon tsiro kaɗai ake shafawa, domin maimaitawa a kan tsohon yana sa gashi ya karye, kuma tunda gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya ne a wata, ana barin aƙalla mako shida zuwa takwas tsakanin shafawa biyu. Ana duba agogo a bi mintunan da aka rubuta a jikin roba, ba a jira sai kwastoma ta ce yana zafi. Bayan ɗauraya mai yawa ana wankewa da shamfu na musamman mai kashe ƙarfin man, wanda wasu nau'o'insa kumfarsu takan sauya launi muddin akwai sauran mai a kai. Alamar an yi kuskure ita ce ɓawon ƙuna a fata washegari, ko gashi ya yi laushi yana miƙewa kamar danƙo idan ya jiƙe, sannan ya riƙa gutsurewa. Rini ma yana da nasa haɗarin, musamman baƙin rini mai sinadarin PPD da wasu fatu ba sa ɗauka, shi ya sa masu yin sa suke umartar a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. Tsari mai kyau shi ne 'yar koyo ta kalli aikin sau da yawa, sannan ta riƙa yin ɗauraya da wanki, sannan ta shafa da kanta mai shago tana tsaye a kanta, kuma kada a bar ta ita kaɗai da shi kafin wata na goma sha biyar.

Watanni ukun ƙarshe na riƙon shago ne: yanka farashi, sayen kaya a kasuwa da gane jabu, rubuta shiga da fita, lissafin man janareta, lallashin kwastomar da ta fusata, da shirya amarya daga wanki har kammalawa. Masu shago da yawa suna ɓoye wannan ɓangare don gudun kada yarinya ta buɗe nata. Wadda aka yaye ba ta san nawa robar shamfu take wanke kai ba, rabin sana'a aka ba ta.

Littafi ɗan ƙarami ya isa a riƙe duk wannan. Kowane aiki da 'yar koyo ta yi a rubuta rana da irin aikin da lokacin da ya ɗauka, mai shago ta sa hannu. Shi za a buɗe a zaman da ake yi da iyaye duk wata shida, kuma shi zai raba gardama idan aka zo maganar biya.

Yaushe ake fara biya

Kuɗi iri uku ne suke shiga hannun 'yar koyo, kuma haɗa su wuri ɗaya shi yake kawo ruɗani. Na farko kuɗin mota da abinci, wanda wasu suke kira kuɗin sabulu. Wannan ba lada ba ne, abin da zai sa ta iya zuwa ne, kuma ya kamata a yanke tun farko ko gida ne za su ɗauka ko shago. Adalci shi ne gida su ɗauka a watanni ukun farko, shago ya karɓa daga lokacin da wanki da tsifa suka koma hannunta, tunda a lokacin ta fara sauke wa mai shago nauyi na gaske. Na biyu kyautar da kwastoma ta miƙa mata don jin daɗin aikinta. Wannan nata ne, kuma karɓe shi zalunci ne ƙarami da yake kashe zuciya. Na uku shi ne lada na ainihi, ko dai kaso daga kuɗin aiki ko albashin wata.

Ma'aunin da ya fi kowane adalci shi ne wannan: ranar da aka fara karɓar cikakken kuɗi daga kwastoma a kan aikin da 'yar koyo ta yi ita kaɗai daga farko har ƙarshe, ranar ce ta cancanci kaso a kan wannan aikin. Idan hannunta ya kai a sayar da aikinsa a farashin shago, ya kai a biya shi. A tsarin wata 18 wannan yakan faɗo wajen wata na goma, bayan ta haye gwajin kitso, amma gwajin ne yake buɗe ƙofa, ko ya zo da wuri ko ya makara.

Lissafi yana nuna dalili. A ci gaba da misalin da aka fara, a ɗauka a wata na goma aikin hannun yarinyar, kitso da wanki da sitimin, yana kawo wa shago naira 5,000 a rana idan aka haɗa ranakun kasuwa da na zaman banza. A kwana 24 na aiki ya zama 120,000. A cire kashi ɗaya cikin uku, wato 40,000, na shamfu da mai da ruwa da wuta da man janareta, saura 80,000. In aka ba ta kashi 20 cikin ɗari na abin da ta kawo, ta tashi da 24,000, mai shago ta rage da 56,000 don haya da gyaran kaya da ribarta. A wata biyu kacal abin da ya rage wa mai shago ya haura dukan kuɗin koyon da aka biya, wato 90,000. Wannan ya nuna cewa a rabin ƙarshe na koyo, aikin yarinyar ya fi kuɗin iyayenta daraja nesa ba kusa ba, kuma riƙe ta wata takwas ko tara a haka ba ko sisi ba shi da hujja.

Mai shago tana da nata uzurin da ya kamata a saurara. Ita ta gina sunan da yake kawo kwastoma, ita take biyan haya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma in 'yar koyo ta ɓata kai ita za ta ba da haƙuri ta sake aikin kyauta. Shi ya sa kason farko yake zama ƙarami, ya riƙa hawa da matakai. Ana iya farawa da kashi 20, a koma 30 idan ta haye gwajin rilaksa da rini, wanda a wannan misali zai zama 36,000, sannan bayan yaye a yi sabuwar magana irin ta ma'aikaciya. Kaso ya fi albashi tsayayye dacewa da ƙaramin shago, domin cinikin salun yana hawa da sauka: ya cika a jajiberin Sallah da lokutan bukukuwa, ya yi sanyi a farkon azumi. Sai dai kaso yana buƙatar littafi na gaskiya da rabon kwastoma bisa adalci, in ba haka ba sai a riƙa tura mata aikin wahala mai ƙaramin kuɗi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, bai hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin kaso, saboda haka abin da aka rubuta a takarda shi ne kariyar da 'yar koyo take da ita a zahiri.

Kwanakin Sallah da aikin gidan biki suna buƙatar magana ta daban. Ko yarinyar da ba ta kai matakin kaso ba, in ta kwana tana tsifa da wanki a jajibere, ta cancanci wani abu ƙayyadadde da aka faɗa kafin ranar. Aikin da shago ya tura ta gidan amarya kuɗinsa na shago ne, ta karɓi kasonta da kuɗin mota. Ita kuma a nata ɓangaren, amana ce a kanta kada ta riƙa karɓar lambar kwastomomin shago tana bin su gida a ɓoye da rangwame. Kitson da take yi wa 'yan gidansu da maƙwabta a ranar hutunta ba ya cikin wannan.

Maganar ɓarna ma a yanke ta da wuri. Kuskuren koyo, kamar kitson da aka sake ko man da ya zube, yana cikin abin da kuɗin koyo ya biya, ba a cire shi daga kasonta. Ganganci bayan gargaɗi, kamar taɓa rilaksa ba izini, shi ne ake iya ɗora mata wani ɓangare nasa, a gaban iyayenta.

Yaye da abin da ke bayansa

Ranar yaye a rubuta ta tun farko, tare da sharaɗin cewa in akwai gwajin da ba a haye ba za a ƙara wata uku kawai, ba tare da sabon kuɗi ba. Wasu shaguna suna neman wadda ta gama ta zauna wata uku ko shida tana yi wa uwar ɗaki aikin godiya. In za a yi haka, a faɗa tun zaman farko, a sa masa iyaka, kuma kasonta ya ci gaba. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya ci gaba da riƙe ɗan koyo bayan cikar wa'adi ba tare da yarjejeniyar biya ba, ɗan koyon yana da haƙƙin neman lada daidai da abin da ake biyan mai irin wannan aiki.

Takardar shaidar da shago zai bayar ta faɗi tsawon koyo da fannonin da aka ƙware a kai ɗaya bayan ɗaya. Wadda take son shaidar da hukuma ta sani tana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda take da mataki na uku da na biyu da na ɗaya, ana farawa daga na uku. Idan kuma za ta buɗe nata shagon, yawanci ana fahimtar juna a kan kada ta kafa shi a layi ɗaya da na uwar ɗakinta. Wannan sharaɗi yana da kyau a rubuta shi da iyakar wuri da ta lokaci, misali unguwa ɗaya na shekara ɗaya, domin sharaɗin da ya hana ta aiki a gari gaba ɗaya ya hana ta cin moriyar sana'ar da ta biya kuɗi ta koya.